Alat biyu a wata ɗaya: amsar da na ba Hajiya da lissafin da ke bayanta

Saƙon murya ne ya shigo mana da safiyar 1 ga Disamba, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, wadda ta fi shekara tana amfani da manhajarmu. Ina aiki ne a sashen kula da abokan hulɗa na wani kamfani mai manhajar lissafin shago, irin wadda ɗan kasuwa ke shigar da cinikin yau da ragowar kaya a ciki, yana biyan kuɗin amfani wata-wata. Bayan gaisuwa ta ce: "'Yata, kuɗin nan fa ban gane musu ba. Kowane ƙarshen wata naira 9,675 kuke cira, na saba da shi. Wannan karon alat biyu na gani, ɗaya 3,225 tun sha ɗaya ga wata, ɗaya 10,750 jiya da daddare. Babu wanda ya yi kama da kuɗin da na sani. In ba ku ba ne, ku gaya mini yanzu in je banki a rufe katin."

Wanda bai yi wannan aikin ba zai ɗauka lissafi take nema. Ni abin da na ji a muryarta tsoro ne. Mutumin da ya saba ganin adadi ɗaya tak kowane wata, rana ɗaya ya ga wasu baƙin adadi guda biyu, abin da zai fara zuwa masa shi ne wani ya sami lambar katinsa. Kuma da gaskiyarsa, don 'yan damfara sun saba fara gwada kati da ƙaramin kuɗi kafin su ɗebi babba, kuma tsarin nata haka ya zo, ƙarami sannan babba.

Kafin in rubuta mata komai, na buɗe tarihin asusunta. Abu uku nake dubawa a irin wannan: ko an taɓa tsarin da mutum ke kai a cikin watan, ko kuɗin da banki ya nuna sun yi daidai da rasidan da muka fitar, da kuma kwanakin da kowane rasidi ya ɗauka. Duka ukun sun fito fili. Ranar 11 ga Nuwamba da misalin ƙarfe goma na safe, an ɗaga asusun daga ƙaramin tsari na naira 9,000 a wata, mai waya ɗaya, zuwa babban tsari na naira 15,000, wanda ke barin waya uku su riƙa shigar da ciniki lokaci guda. Daga cikin asusun aka yi, da wayar da aka saba shiga da ita. Rasidi biyu muka fitar, kowanne da lambarsa, kuma sun yi daidai da alat ɗinta har kwabo.

Ga amsar da na aika mata a rubuce, don ta iya nuna wa wanda ke riƙe mata littafi:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da kasuwa. Hankalinki ya kwanta, ranki ya daɗe. Duka cirar biyu daga wurinmu suke, ba wanda ya taɓa katinki, kuma ba a caje ki sau biyu a kan abu ɗaya ba. Kuɗin Nuwamba ne ya rabu gida biyu, saboda an canza tsarin asusunki a tsakiyar wata.

"Daga 1 zuwa 10 ga Nuwamba kina kan ƙaramin tsari na naira 9,000 a wata. Nuwamba kwana 30 ne, in aka raba 9,000 gida 30, kowace rana ta kama naira 300. Kwana goma kika yi a kansa, naira 3,000 ke nan. Da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 225, ya zama 3,225. Shi ne alat ɗin farko.

"Ranar 11 ga wata da safe aka mayar da asusun babban tsari na naira 15,000, wanda rana ɗaya a cikinsa ta kama naira 500. Daga 11 zuwa 30 ga wata kwana ashirin ne, naira 10,000 ke nan. Harajinsa naira 750, ya zama 10,750. Shi ne alat ɗin jiya.

"In kin haɗa kwana goma da kwana ashirin, wata guda ne cif, babu ranar da aka biya sau biyu. Jimillar abin da ya fita naira 13,975 ce. Ta fi 9,675 da kika saba, don kin yi kwana ashirin a tsari mai tsada, amma ba ta kai 16,125 ba, wanda shi ne cikakken kuɗin babban tsari da harajinsa.

"Abu biyu nake so ki sani tun yanzu. Na farko, in aka bar asusun yadda yake, ƙarshen Disamba za ki ga alat ɗaya na naira 16,125. Na biyu, an yi canjin ne daga wayar shago. In ba da saninki aka yi ba, ki tambayi yaran, sannan ki gaya mini abin da kike so a yi. Na haɗo miki rasidan biyu a ƙasa. Allah ya ba da kasuwa."

Na fara da kwantar mata da hankali ne don wanda ke tunanin an yi masa sata ba ya karanta lissafi. Sai ka cire masa wannan ƙayar tukun, sannan ya saurare ka. Da na fara da bayanin yadda ake raba kuɗin wata, da kafin ta kai layi na uku ta kama hanyar banki, a rufe katin, wata mai zuwa kuma cirarmu ta ƙi wucewa, manhaja ta tsaya mata a tsakiyar ciniki.

Asalin ruɗanin kuwa yana cikin yadda muke tallata farashi. Muna cewa "naira 9,000 a wata", mai saye ya ɗauki wata a matsayin dunƙule ɗaya, kamar buhun shinkafa da ba a farke ba. A cikin na'urar lissafi kuwa wata tarin kwanaki ne, kowace rana da kuɗinta. Muddin mutum ya kwana talatin a tsari ɗaya, ba zai taɓa ganin wannan ba, don kwanakin sun taru sun ba da adadin da ya sani. Ranar da ya motsa a tsakiyar wata ne buhun ke farkewa, a fara auna masa da mudu. Kalmar da ake yawan gani a rasidi ko a shafin biyan kuɗi ita ce Proration, kuma ma'anarta ba ta wuce wannan ba: a caji mutum gwargwadon kwanakin da ya yi a kowane tsari. Lissafin guda ɗaya ne ko'ina:

```
caji = (kuɗin wata ÷ kwanakin watan) × kwanakin da aka yi a tsarin
```

Ɗan kasuwa ya san wannan tun kafin a yi manhaja. Wanda ke haya a ƙaramin shago, ya tashi ya koma babba a gini ɗaya ranar sha ɗaya ga wata, in mai ginin mai adalci ne zai karɓi kuɗin kwana goma na ƙaramin da na kwana ashirin na babban. Sauran hanyoyin duk akwai wanda za a ƙwara. In aka ce ta biya 15,000 na watan gaba ɗaya, an ci mata naira 2,000 a kan kwana goman da ba ta mori babban tsari ba. In aka bar ta a 9,000, kamfani ya yi asarar 4,000, kuma kowa zai koyi ɗaga tsari ranar biyu ga wata ya sauke kafin ƙarshe. In kuwa aka caji tsarin biyu cikakku, 24,000 ke nan, wannan zalunci ne tsagwaronsa. Naira 13,000 ita ce kaɗai adadin da kowa ya karɓi nasa. Shi ya sa nake kare wannan lissafin da zuciya ɗaya, duk da shi ne ya fi kawo mana ƙorafi.

Saura tambayar da Hajiya ba ta furta ba amma tana cikin maganarta: to me ya sa ba a haɗa su wuri ɗaya an cira sau ɗaya ba? Wannan ya danganta da lokacin da kamfani ke karɓar kuɗinsa. Mu bayan an yi amfani muke karɓa, a ranar ƙarshe ta wata. Amma ƙa'idarmu ita ce duk lokacin da aka bar wani tsari, sai a rufe littafinsa nan take, a fitar da rasidinsa, a cire abin da ya taru. Wannan ne ya haifi cirar 11 ga wata. Sabon tsarin kuma ya buɗe nasa littafin, ya jira ƙarshen wata. Ana iya gina na'urar ta riƙe na farkon har ƙarshen wata ta haɗa su a rasidi ɗaya mai layi biyu, kuma wasu kamfanonin haka suke yi. A ganina hakan ya fi sauƙi ga mai saye, kuma na sha faɗa a wurin aiki. Amma ko an haɗa ko an raba, jimillar ba ta canzawa.

Yawancin kamfanoni ma tun farkon wata suke karɓa, kuma a nan hoton yakan fito daban har mutum ya zaci wani lissafi ne. Da a irin wannan kamfanin Hajiya take, da ta biya 9,000 ranar 1 ga Nuwamba. Ranar 11 da aka ɗaga tsari, sai na'ura ta ce akwai kwana ashirin da ta riga ta biya a ƙaramin tsari ba ta ci ba, kuɗinsu naira 6,000, a ajiye mata su. Kwana ashirin ɗin nan kuma a babban tsari 10,000 ne. A cire 6,000 daga 10,000, saura cikon 4,000. Tara 9,000 da 4,000, an dawo kan 13,000 ɗin nan dai, kafin haraji. Kamfanonin da ke amfani da Stripe wajen karɓar kuɗi, rasidinsu kan nuna wannan a layi biyu, ɗaya ya fara da "Unused time on" da alamar ragi a gaban kuɗinsa, ɗayan ya fara da "Remaining time on". Na farkon shi ne abin da aka mayar wa mutum na tsohon tsari, na biyun kuɗin sauran kwanaki a sabo. Mutane da yawa ba sa lura da alamar ragin, sai su tara layukan biyu su ga 16,000, su ɗauka an yi musu aringizo.

Na ɗauka magana ta ƙare, sai bayan azahar wani saƙon ya shigo daga lambar Hajiya, amma ɗanta ne ya rubuto. Shi ke riƙe mata littafi, kuma shi ya ɗaga tsarin, don kasuwa ta buɗe bayan kaka, ana ta sayen kayan lefe, waya ɗaya ta yi musu kaɗan. Ya ce ya yarda da bayanin, amma akwai abin da ya tsaya masa a rasidan, ya turo hotonsu:

```
Basic  01 Nov - 11 Nov   3,000.00
Plus   11 Nov - 01 Dec  10,000.00
```

Ya ce: "Anti, kin ce daga 1 zuwa 10, takardarku kuma ta ce zuwa 11. Ga 11 ɗin kuma a layi na biyu. Ranar nan sau biyu muka biya ta ke nan? Sannan me ya kawo 1 ga Disamba cikin kuɗin Nuwamba?"

Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don ita ce ainihin tambayar da ya kamata kowa ya yi. In dai akwai cuta a caji biyu na wata ɗaya, a mahaɗar kwanakin take ɓuya. Abin da ya gani kuwa ɗabi'ar na'ura ce wajen rubuta lokaci. Ranar da take sawa a ƙarshen layi ita ce ranar da tsarin ya daina aiki da shigowarta, ba ta cikin kwanakin da aka caja. "Zuwa 11" a wurinta na nufin har zuwa ƙarfe sha biyun daren da 11 ga wata ta kama. Haka "zuwa 1 ga Disamba" na nufin har ƙarshen 30 ga Nuwamba. Mu kuwa in muka ce daga ɗaya zuwa sha ɗaya, da sha ɗayan muke nufi, shi ya sa idon mutum ke ƙirga kwana goma sha ɗaya.

Ban so ya yarda da ni don na faɗa kawai ba, sai na ba shi hanyar da zai gwada da kansa. Ya bar ranakun da aka rubuta, ya kama kuɗin. Ya ɗauki 3,000 ya raba da kuɗin rana ɗaya, wato 300, zai sami 10. Da an caji ranar sha ɗaya a ƙaramin tsari, da layin 3,300 zai nuna. Ya ɗauki 10,000 ya raba da 500, zai sami 20. Goma da ashirin talatin. Wannan gwajin shi ne abin da nake so duk mai biyan kuɗin wata-wata ya riƙe: ka mayar da kowane caji kwanaki, ka tara kwanakin, ka ga ko sun yi daidai da tsawon watan. In sun yi daidai, lafiya lau. In sun haura, an caje ka rana ɗaya ko fiye sau biyu, kuma kana da hakkin a mayar maka. Sai dai a tuna a yi rabon da kuɗin da ba a ɗora wa haraji ba. Wanda ya raba 3,225 da 300 zai sami goma da ɗoriya, ya shiga wani sabon ruɗanin. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, don haka in alat kaɗai ke hannunka babu rasidi, raba adadin da 1.075 ka sami asalin kuɗin.

Ba kullum gwajin ke wanke kamfani ba, kuma bai kamata ma'aikaci ya shiga amsa da niyyar wanke kamfani ba. Na taɓa cin karo da asusun wani mai kemis da aka ɗaga wa tsari ta waya, ma'aikaci ya buɗe masa sabon da hannu ya manta bai rufe tsohon ba sai bayan kwana uku. Rasidansa biyu sun yi kama da na Hajiya sak, kowanne guntun kuɗi, kowanne da lambarsa. Da na mayar da su kwanaki sai na sami talatin da uku a watan da ke da talatin. Kwana uku ya biya tsari biyu a kan shago ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne ya riga ya yi ƙorafi sau ɗaya, aka tura masa amsar nan da aka tanada, mai cewa canjin tsari kan jawo caji biyu, ya haƙura. Maganar gaskiya ce, amma ba ta asusunsa ba ce. Aka mayar masa da kuɗin kwana ukun, aka ba shi haƙuri. Tun daga ranar ba na aika bayanin caji biyu sai na yi rabon da hannuna na ga kwanakin sun cika wata ba su haura ba.

Lissafin Hajiya ya fito sumul ne don an yi sa'a Nuwamba kwana talatin ne kuma farashin na rabuwa ba saura. A Disamba mai kwana 31, rana ɗaya a babban tsari naira 483 da kwabo 87 ce, a Fabrairu mai kwana 28 kuma ta haura 535. Kuɗin wata bai motsa ba, na rana ne ke hawa da sauka. Saboda haka wanda ya yi gwajin a irin waɗannan watanni zai ga 'yan kwabbai sun yi gaba ko baya, wannan ba komai ba ne. Wasu kamfanonin kuma kowane wata kwana talatin suke ɗaukarsa don sauƙi, sai mutum ya tambaya ya ji da wanne ake yi masa.

Akwai kuma batun ranar canjin kanta. Mu kwana cikakke muke ƙirgawa, ranar da aka canza kuma ta sabon tsari ce ko da yamma aka yi. Stripe kuwa, in ba a saita shi wani iri ba, har daƙiƙa yake ƙirgawa. Da shi ya yi wa Hajiya lissafi, da awa goman da ta yi ranar 11 kafin a danna canjin sun tafi a farashin ƙaramin tsari, ta sami sauƙin kusan naira 83, kuma da babu adadi ɗaya a rasidinta da zai ƙare da sifiri uku. Wanda ya raba irin wannan zai sami kwana goma da guntu, da kwana sha tara da guntu, guntayen su haɗu su cika kwana ɗaya.

Agogo ma kan shigo ciki. Na'urori da yawa da agogon duniya da ake kira UTC suke aiki, Najeriya da Nijar kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Wanda ya canza tsari da sha biyu da rabi na daren da 11 ga wata ta kama, a wurin irin wannan na'urar har yanzu sha ɗaya da rabi ne na daren 10 ga wata. Sai ta ba ƙaramin tsari kwana tara, babba kwana ashirin da ɗaya. Jimillar kwanakin talatin ce, ba a maimaita rana ba, amma iyakar ta matsa da kwana ɗaya, wanda a farashinmu naira 200 ne, bambancin 500 da 300. Kuɗin ba yawa, amma mai shi ya san ranar da ya danna, kuma in ya kawo ƙorafi gaskiyarsa ce, kada a ce masa ya manta.

Ba duk alat biyu ne ke fitowa daga canjin tsari ba, kuma lambar rasidi ce ke saurin raba gardama. Caji biyu na canjin tsari ko na sauya ranar biya, lambobinsu daban, kwanakinsu daban. In kuwa guntaye biyu ne a ƙarƙashin lambar rasidi ɗaya, kuma in an tara su sun ba da cikakken kuɗin wata, to bashi ɗaya ne aka biya a karo biyu. In adadi ɗaya ne sak ya fita sau biyu, mintuna kaɗan tsakani, a kan rasidi ɗaya, wannan maimaici ne na gaske. Sau da yawa cirar farko ce ta maƙale aka sake gwadawa, kuma ɗayar kan dawo da kanta, amma kada a zauna jira ba tare da an sanar da kamfani da banki ba. In kuma kamfani ya duba bai ga rasidin da ya yi daidai da ɗaya daga cikin alat ɗin ba, to tsoron Hajiya na farko ya tabbata, a rufe katin a ranar.

Duk da lissafinmu ya fita daidai, ban ɗauka mun fita tas ba. Shafin da ɗanta ya danna ya nuna masa sabon farashi, naira 15,000 a wata, ya kuma nemi ya tabbatar. Bai ce masa yanzun nan za a cire 3,225 daga katin da ke ajiye ba, bai ce ƙarshen wata za a cire 10,750 ba. Layi biyu ne da na'ura ta riga ta san adadinsu a daidai lokacin. Sanarwar canjin kuma ta tafi adireshin imel da aka buɗe asusun da shi, wanda ba mai dubawa, alhali alat ɗin banki wayar Hajiya yake zuwa. Wanda ya danna daban, mai katin daban, kuma haka shagunanmu da yawa suke, uwa ko uba ke da asusun banki, yara ke riƙe da waya. Hajiya ta yi kwana ashirin da alat ɗin farko a ranta ba ta san na mene ne ba, sai da na biyu ya zo ta kasa haƙuri. Na rubuta wannan a rahoton da nake turawa masu gina manhajar, na nemi a riƙa nuna adadin cirar biyu da ranakunsu kafin a danna, a kuma tura saƙon tes zuwa lambar mai katin.

Da la'asar Hajiya ta kira da kanta. Ta ce yaron ya yi mata bayani, ya kuma amsa cewa shi ya yi bai gaya mata ba. Tambayarta yanzu ita ce in ta ce a mayar da ita ƙaramin tsari yau, me zai faru. Na fara ce mata za ta sake ganin alat biyu a Disamba, don ranar 1 ga wata ta riga ta kama a babban tsari. Amma a ƙa'idarmu ranar canji ta sabon tsari ce, to in ta bari har gobe za a caji kwana ɗaya a babba, talatin a ƙarami. In kuwa yau ɗin nan aka yi kafin sha biyun dare, Disamba gaba ɗaya zai tafi a ƙarami, alat ɗaya na 9,675, sai dai waya biyu daga cikin ukun za su daina shigar da ciniki nan take. Na gyara maganata a gabanta, na ce alat biyun sai in an kwana ne. Na ƙara mata da cewa wannan ƙa'idarmu ce, wasu kamfanonin ba sa sauke tsari sai watan da aka biya ya ƙare, wasu kuma ragowar kuɗin ba sa mayarwa banki, ajiye shi suke a cire daga caji na gaba.

Ta yi shiru, na ji tana tambayar wani a gefe yadi nawa ya rage a wani leshi. Sannan ta ce a bar shi haka har bukukuwa su lafa, wayoyin uku suna da amfani yanzu. Ta tambaya yaushe ya fi dacewa a sauke in lokacin ya yi. Na ce ranar ɗaya ga wata, kowane wata ta zaɓa, don a ranar ce kaɗai canji ba ya raba wata biyu. Ta ce in rubuta 1 ga Fabrairu. Na sa a asusunta cewa a kira ta ranar 31 ga Janairu a tabbatar kafin a taɓa komai, a kan lambarta ita, sannan na tura mata saƙo mai layi biyu: ƙarshen Disamba 16,125, ƙarshen Janairu 16,125.